Kundin aiki: takardata zuwa ga mai renda, kan gidan da ke fuskantar yamma

Litinin, 3 ga Maris

Zanen gidan ya kai matakin da za a nuna wa masu shi hoto. Gidan alfarma ne mai bene hawa ɗaya. Fuskar da ke kallon lambu faɗinta mita 22, tsayinta mita 7.2, kuma yamma take fuskanta. Falon ƙasa gilashi ne daga daɓe zuwa sama, mita 3, da rumfar kankare da ta fito mita 2.4 a kansa. Gaban rumfar akwai tafkin ninƙaya mai tsawon mita 12 da faɗin mita 4, sannan ciyawa har katangar baya.

Maigidan da uwargida ba sa karanta zanen gini, kuma ba laifinsu ba ne. Duk layukan da na shafe watanni ina ja, a wurinsu hoto huɗu ne za su tsaya a madadinsu. Abin da suka gani a hoton shi za su ɗauka alkawari, da shi za su zo wurin gini bayan shekara biyu su ce ina wannan, ina wancan. Shi ya sa nake ba takardar da nake rubuta wa mai renda, wato mai mayar da zanen gini hoto a kwamfuta, lokacin da nake ba zanen aiki. Duk abin da ban rubuta ba, shi zai yanke hukunci a kai, alhali bai taɓa zama da masu gidan ba, bai kuma taɓa taka filin ba.

Yau yanayin hoton kawai na rubuta, shi ma ya cinye mini rabin yini. Da farko na sa “gida mai natsuwa da ɗumi”, sai na goge. Mutum goma za su karanta wannan su fito da hoto goma. Na koma na tambayi kaina: idan hoton ya iso, da me zan gane akwai natsuwa a cikinsa? Amsoshin ne suka shiga takardar. Sararin sama garau, da ɗan gajimare siriri can nesa, ba mai jan ido ba. Inuwa ta fito sosai amma kada ta yi baƙi ƙirin, ina so a ga dutsen bango a cikinta. Ruwan tafki kwance, ba igiya. Mutum biyu kacal, suna zaune ƙarƙashin rumfa, ba mai kallon kyamara. Ba mota, ba tsuntsaye, ba walƙiyar rana a lensi. Launin da ya fi ƙarfi a hoton ya zama koren tsirrai, sauran su lafa.

Na haɗa masa hotunan misali uku, kowanne da layi ɗaya na abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Hoton misali ba tare da wannan layin ba haɗari ne: ka tura domin haske, a kwafo maka kujeru. Na farko rumfar Jamus ce da Mies van der Rohe ya zana don baje kolin Barcelona na 1929, wadda aka sake ginawa a 1986. Na rubuta: “Dubi yadda dutsen tarabatin ya haɗu da ruwa, da yadda yake shan haske ba ya mayar da shi. Kada ka ɗauki launin sama.” Na biyu hoton da Julius Shulman ya ɗauka a 1960 na gidan Stahl a Los Angeles, wanda Pierre Koenig ya zana. Shi kuma na ce: “Abin da nake so a nan shi ne ana ganin mutanen da ke ciki ta gilashi ana kuma ganin waje, ɗaya bai kashe ɗaya ba. Namu hoton na almuru ne, sama ba za ta yi duhu haka ba.” Na uku hoton filin ne da na ɗauka da wayata.

Laraba, 5 ga Maris

Na tura samfurin gini na kwamfuta a fayil ɗin `FBX` da zanen ƙasa a fayil ɗin `DWG`. A saman takardar na rubuta cewa awon milimita ne, na kuma ba shi awo ɗaya na gwaji: ƙofar shiga tsayinta 2700. Idan ya buɗe ya auna ya sami haka, komai ya shigo daidai. Idan bai samu ba, kada ya taɓa komai sai mun yi magana. Samfurin da ya shigo da awo ba daidai ba yana ɓata girman zanen dutse, da ƙarfin fitilu, da tsayin kyamara gaba ɗaya, kuma ba a ganewa da wuri.

Tsarin aikin mataki uku ne, ba a tsallake ɗaya. Na farko hoton yumɓu, wato gini duka da launin toka ɗaya, ba dutse ba katako, domin a tsayar da kyamara. Na biyu kayan gini da haske a ƙaramin hoto. Na uku babban hoto. Bayan na sa hannu kan kyamara, sauya ta sabon hoto ne, ba gyara ba. Wannan sharaɗin shi yake karewa, ni yake ɗaurewa, kuma da gangan na sa. Mai renda yana dasa bishiya, yana jera kujeru, yana gyara ciyawa ne daidai inda kyamara ke gani. Ka matsar da ita mita biyu, ka buɗe masa wuraren da babu komai.

Ya kira da yamma. “Ranka ya daɗe, hoto huɗu ka ce, amma kusurwa uku na gani.” Na ce haka ne, ƙanena, na lambu biyu ne daga wuri ɗaya, na rana da na almuru. Ina so masu gidan su ajiye su gefe da gefe, su ga gida ɗaya a lokaci biyu.

Juma'a, 7 ga Maris

Hotunan yumɓu sun iso. Na ƙofar shiga da na cikin falo ba su da matsala. Na lambu kuwa, kallon farko ya burge ni, kallo na biyu ya dame ni. Tafkin ya miƙe kamar kogi, lambun kamar filin ƙwallo, kusurwar bene ta hagu ta yi tsini kamar hancin jirgin ruwa. Na tambaye shi lensi nawa ya sa. Ya ce milimita 18.

Ban ga laifinsa ba. Na rubuta masa “a ga fuskar gidan duka”, ban faɗi daga ina ba. Daga bangon gida zuwa katangar baya mita 19 ne, shi kuma ya tsaya a tsakiyar ciyawa ya buɗe lensi har gidan ya shiga. Lissafin da ya kamata in yi tun farko mai sauƙi ne. Kyamarar da ke cikin manhajar tana kwaikwayon wadda faɗin farantinta milimita 36 ne, saboda haka:

```
nisa = faɗin da ake son gani × lensi ÷ 36
```

Gidan mita 22 ne, ina son sarari mita 3 a kowane gefe, ya zama 28. Da lensi 35, wanda ya fi kusa da yadda mutum ke jin wuri idan ya tsaya a ciki, sai an ja baya mita 27, wato mita 8 cikin filin maƙwabci. Da 24 ana bukatar mita 18.7, kyamara ta jingina da katanga ke nan. Da 18 mita 14 sun isa, shi ya sa ya zaɓe shi. Amma 18 yana haɗiye digiri 90 daga hagu zuwa dama, na kusa ya kumbura, na nesa ya ƙanƙance, na gefe ya miƙe. Wanda ya ga wannan hoton ya zo ya tsaya a lambun gaske zai ji an rage masa fili.

Akwai hanyar da wasu ke bi, su ɓoye katanga su kai kyamara filin maƙwabci. Hoton yana kyau, amma wuri ne da mai gidan ba zai taɓa tsayawa ya kalli gidansa ba. Ni ban yarda da ita ba a hoton da za a nuna wa wanda zai zauna a gidan.

Abin da na yi shi ne komawa kusurwar lambu ta kudu maso yamma. Filin faɗinsa mita 30 ne, daga wannan lungun zuwa tsakiyar fuskar gidan kimanin mita 23. Da lensi 28, a wannan nisan ana ganin faɗin kusan mita 30, gidan kuma da yake a karkace ake kallonsa ya shiga har da sarari. Ƙarin riba, zurfin rumfar ya bayyana, abin da kallon gaba-da-gaba yake ɓoyewa. Na zana wurin a kan zanen ƙasa da ɗigo da layi biyu masu nuna iyakar gani, na tura.

Na ƙara sharaɗi biyu. Tsayin kyamara mita 1.6 daga ciyawa, daidai idon mutum a tsaye. Ya ɗaga ta zuwa kusan mita 3 don ruwan ya fito da yawa, sai gidan ya koma kamar abin wasan yara a kan tebur. Na biyu, duk layin da yake a tsaye a gini ya tsaya a tsaye a hoto. Idan aka ɗaga hancin kyamara don a kamo bene, bangaye suna haɗuwa ta sama kamar gidan zai faɗi ta baya. Kyamara ta kalli gaba sak, a zame hoton sama. A SketchUp abin da ake kira `Two-Point Perspective` ke nan. Gwajin da nake yi ba wuya: in ɗora rula a gefen ginshiƙin da ya fi kusa da bakin hoto, in ga ko ya yi daidai da bakin.

Litinin, 10 ga Maris

Sabon hoton yumɓu ya zauna. Kafin in sa hannu na tuna ban faɗi siffar takardar da za a buga ba. Ya yi aikin a 16:9 irin na allon kwamfuta, mu kuwa a A3 za mu buga, wadda ta fi tsayi. Faɗin gani ɗaya ne, amma sama da ƙasa sun ƙaru, sai ga murfin ramin famfon tafki ya shigo a ƙasan hoto. Mun zame hoton sama kaɗan, ya fita. Na sa hannu kan kyamara uku.

Laraba, 12 ga Maris

Jadawalin kayan gini. A nan na fi daɗewa, don a nan hoto ya fi saurin yin alkawarin da magini ba zai iya cikawa ba.

Dutsen tarabatin shi ne fuskar gidan, kuma sunansa kaɗai ba ya isa. Idan an yanka shi ta yadda shimfiɗar dutsen za ta bayyana, yana fitowa da jijiyoyi dogaye a jere. Idan an yanka ta ɗaya hanyar, yana fitowa da zane kamar gajimare. Sannan ko an cike ramukansa ko an bar su, ko an goge shi ya yi ƙyalli ko an bar shi a dushe. Namu mai jijiya ne, jijiyoyin a kwance, ramuka a cike, ba ƙyalli. Kowane fale milimita 1200 da 600, a kwance, tsagin da ke tsakani milimita 4, kuma tsagin kwance na biyar ya yi daidai da saman gilashin falo. Na tura zanen bangon da tsagogin a kai. Na kuma ɗauki hoton samfurin dutsen da ke ofis a inuwa, da farar takarda da rula a gefensa, takardar don ya gane ainihin launi, rular don ya gane girman jijiya.

Na roƙe shi abu ɗaya musamman: kada fale biyu masu zane iri ɗaya su zauna kusa da juna. Bango mai tsawon mita 22 yana cin fale 18 da ɗoriya a kowane layi. Idan hoton dutse ɗaya aka maimaita, ido yana kama tabo ɗaya yana dawowa kamar zanen atamfa, nan take bangon ya zama takarda.

Sauran sun fi sauƙi. Firam ɗin tagogi alminiyam ne mai launin `RAL 7016`, wato toka mai duhu, a dushe, faɗinsa yadda yake a zane, kada a sirantar da shi don ya yi kyau. Bangon bene filasta ne da fenti `RAL 9010`, da ɗan gargada. Na tuna masa kada ya sa fari tas a manhaja, domin babu fentin da ke mayar da haske duka, kuma farin da ya kai ƙarshe yana ƙone hoto ya wanke inuwa. Ƙarƙashin rumfa katako ne mai ruwan zuma, an shafa mai, ba fenti mai ƙyalli ba, alluna suna tafiya daga gilashi zuwa waje. Tayil ɗin tafki toka mai ɗan kore. Ruwan tafki kusan duk launinsa daga tayil da sama yake samu, saboda haka shuɗin da aka saba gani a hotunan otal ba namu ba ne. Gilashin baranda na yau da kullum ne, bakinsa yana da ɗan kore, a bar koren.

Tsirrai kuma na ce a nuna su kamar shekara uku bayan dashe, ba ashirin ba. Bishiya mai mita 12 tana rufe kowane aibi a hoto, amma ranar da aka miƙa makulli ba ta nan.

Juma'a, 14 ga Maris

Hoton farko mai launi ya zo, kuma yau kuskurena ya fito fili.

Dutsen ya yi kyau ƙwarai. Amma na daɗe ina kallon inuwa ban gane abin da ke damuna ba. Falon yana cikin sanyin inuwa, hasken la'asar yana zuwa daga gefe yana shafar bango a hankali. Fuskar da ke kallon yamma ba ta samun irin wannan hasken da la'asar. Rana gaba-da-gaba take zuwar mata. Na tambaye shi ina arewa take a wurinsa. Ya ce, “Sama mana, ranka ya daɗe, kamar kullum.” Ni kuwa na juya zanen ne don ya zauna a takarda, lambu ya koma sama. Kibiyar arewa tana can a kan takardar da aka buga, ba ta cikin samfurin da na tura. A wurinsa lambun arewa yake kallo. Na rubuta shafi biyu kan dutse, na manta layi ɗaya da ya fi su nauyi.

Na tura masa kibiyar, da wurin da filin yake a taswira, da rana da sa'ar da nake so, ya sa manhajar ta ajiye rana inda take a gaske. Bayan awa biyu ya dawo da hoto da saƙo: “Duba cikin falo, ban taɓa komai ba.” Hasken rana ya shiga ƙarƙashin rumfa, ya haye daɓen falo, ya kwanta a kan kujeru.

Na zauna na yi lissafin da hannu, don rana tana kusan saitin fuskar. Rumfa mai mita 2.4 tana rufe gilashi mai mita 3 duka ne kawai idan rana ta haura digiri 51 daga ƙasa. Idan ta sauko zuwa 30, inuwar rumfar mita 1.4 kawai take sauka, ragowar mita 1.6 na gilashin yana cikin rana, hasken kuma yana shiga mita 2.8 cikin falo. A digiri 20 yana kai kusan mita 6. Na san rumfa a kwance ba ta tsare ranar yamma, duk mai zanen gini ya san haka. Na dogara ne da bishiyoyin da ke jikin katanga, waɗanda ni da kaina na ce a nuna su ƙanana.

Ya ce idan ina so zai mayar da ranar inda take a hoton farko, babu wanda zai gane. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana ganin lokaci ya ƙure mana. Na ce a'a, ƙanena, uwargida za ta gane, kowace la'asar, a kan kujerarta. Hoton farko ya fi kyau, amma na gidan da ba za a gina ba ne.

Talata, 18 ga Maris

Kwana uku na koma kan zane. Na ƙara ƙyamare na katako masu zamewa a bakin rumfa, guda shida, kowanne faɗin mita 1.5, da sanduna a kwance masu karkata ƙasa ta waje, yadda za su tare rana mai sauka su bar iska. Da safe a tura su gefe ɗaya, da la'asar a jawo su. Na nuna wa masu gidan hoton da rana ta shiga falo kafin in nuna musu maganin. Maigidan ya yi shiru, uwargida ta ce, “To ai gara da muka gani yanzu.” Sun amince.

Na rubuta wa mai renda cewa wannan sauyin zane ne daga gare ni, ba ya cikin zagayen gyara biyu da muka yi yarjejeniya, a lissafa shi daban. Kyamara ba ta motsa ba, saboda haka aikin lambun da ya yi yana nan. A hoton rana ƙyamare huɗu a jawo, biyu a buɗe, don a ga yadda suke aiki a kuma ga falon. A na almuru duka a ture gefe.

Hoton almuru na ba shi nasa bayanin. Lokacin kamar minti ashirin bayan faɗuwar rana, sama tana da sauran shuɗi, hasken ciki da na waje sun kusa yin daidai. Fitilun ciki duka `2700K`, masu ruwan ɗorawa. Na lambu `3000K`. Fitila ta kasance inda take a zanen lantarki kaɗai. Na sha ganin hotuna da haske ke fitowa daga ƙarƙashin kowace matakala da bayan kowace bishiya, sai an zo gini a tarar babu ko waya a wurin. Fitilun rumfa na tura masa fayil ɗinsu na `IES` daga masu ƙera su, wanda ke ɗauke da siffar yadda kowace ke watsa haske, domin zanen da zai faɗa a kan dutse ya zama na gaske. Na kuma ce kada kowace taga ta kama da wuta. Ɗakuna biyu na bene a bar su a kashe, gidan da mutane ke ciki haka yake.

Alhamis, 20 ga Maris

Zagayen gyara na farko. Na tattara duka a takarda ɗaya, na sa lamba a kan hoton, kowace lamba da layi ɗaya. Ba na tura gyara ɗaya-ɗaya ta waya, don na safe yakan ci karo da na yamma, shi kuma ya rasa wanne zai bi. Maganar masu gida ma ta hannuna take bi, in tace, in mayar da ita abin da za a iya aikatawa. Maigidan ya ce hoton “ya yi sanyi”. Da na zauna da shi, ashe inuwar da ke kan farin bangon bene ce ta yi shuɗi da yawa. Abin da na rubuta ke nan.

Gyara tara ne. Mafi muhimmanci, jijiyar dutse ta juya tsaye a bangon da ke gefen matakala, kuma fale ɗaya mai tabo ya fito sau uku a layi na biyu. Sandunan ƙyamare sun yi ƙyalli kamar roba. Inuwar mutanen biyu tana faɗuwa wani gefe daban da ta ginshiƙai, alamar an manna su ne daga baya. Gilashin falo ya zama madubi har ba a ganin ciki, na ce ya ɗan ƙara hasken falon maimakon ya kashe ɗaukar hoton gilashin, don gilashin da ba ya nuna sama kamar rami yake.

Na kuma rubuta abin da zai miƙa a ƙarshe, dalla-dalla. A3 milimita 420 ce da 297. A ɗigo 300 kowane inci, fiksel 4961 da 3508 ke nan. Maɗaba'a tana son ƙarin milimita 3 a kowane gefe don yanka, shi ya sa na nemi 5100 da 3600. Wannan girman zai iya zuwa A1 a ɗigo kusan 150, ya wadatar ga allon da ake kallo daga nesa kaɗan. Kowane hoto `TIFF` mai bit 16 don bugawa, da `JPG` mai faɗin fiksel 2000 a `sRGB` don waya da kwamfuta. Sannan fayil daban-daban masu ware yankin dutse, katako, sama da tsirrai a cikin hoton, domin idan an ce katakon ya ɗan yi duhu a gyara shi cikin minti biyar ba sai an sake renda na awanni ba. Sunan fayil kuma tsari ɗaya:

```
K1_lambu_rana_v03.tif
K1_lambu_almuru_v03.tif
```

Fayil ɗin aikinsa na manhaja ba ya ciki. Bishiyoyi da kujerun da ke ciki da lasisinsa ya saye su, ba nawa ba ne in karɓa. Abin da na nema shi ne ya adana shi shekara ɗaya, don idan gini ya kai rufi za mu so hoton ɗakin kwana. Shi ma ya nemi izinin sa hotunan cikin ayyukan da yake nunawa. Na ce sai masu gida sun yarda, kuma ba sunansu ba wurin da filin yake.

Litinin, 24 ga Maris

Gyara takwas sun zauna. Na buga hoton rana a takarda, na kai shi bakin taga na ajiye kusa da samfurin dutse. Na hoton ya fi na hannuna ja kaɗan. A allon kwamfuta ban gani ba, sai a takarda. Na ɗauki su biyun a hoto ɗaya na tura masa.

Saura katakon ƙyamare. Kafinta ya kawo samfuri biyu yau da safe, ɗaya ya fi na rumfa duhu, kuma masu gida ba su zaɓa ba. Na ce wa mai renda ya dakata da babban hoto, ya fitar mini da ƙaramin yanki na bakin rumfa sau biyu, kowanne da katako ɗaya, rana a digiri 30, ƙyamare a jawo. Laraba zan kai musu.